Yadda Ake Daɓen Siminti a Kan Kankare Kafin Tayil ko Ledar Binil

Idan tayil ya fara ƙara kamar ganga, ko ledar binil ta kumbura ta yi ƙuraje, mai shimfiɗar ake fara kama wa da laifi. Sau da yawa kuwa ɓarnar tana ƙasa, a daɓen yashi da siminti da aka yi a kan kankare, wanda magina ke kira sikiridin. Aikin wannan daɓe shi ne ya gyara tudu da kwarin kankare, ya kai ƙasa tsayin da ake so, ya ba tayil ko leda shimfiɗa mai ƙarfi. Za mu bi irin wanda aka fi yi, wato daɓen da ake manna shi kai tsaye da kankare, kuma za mu yi aikin a ɗaki mai faɗin mita 4 da tsawon mita 5.

Kauri daga awo yake fitowa

Ba a yanke kaurin daɓe da ido. Abin da ake fara sani shi ne inda saman tayil zai tsaya bayan an gama komai, kuma bakin ƙofa ne ke nuna hakan, tare da ƙasan ɗakin da ke maƙwabtaka da matakin farko na bene idan akwai. Daga wannan tsayi a auna mita 1 zuwa sama a jikin bango a yi alama. Sai a zagaya da alamar duk bangon ɗakin da tiyo mai ruwa ko na'urar leza, a ja layi. Duk awon da za a yi daga yanzu daga wannan layin zai taso, domin shi kaɗai ne abin da ke daidai a ɗakin.

Tayil mai kaurin milimita 9 da gam ɗinsa na milimita 6 sun ci milimita 15. Ke nan saman daɓe zai kasance milimita 1015 ƙasa da layi. Yanzu a ɗaure zare daga layin wannan bango zuwa na wancan, a ja shi ya miƙe sosai, a riƙa auna daga zaren zuwa kankare a kowace mita, ana rubuta lambar da alli a wurin. A ce a ɗakinmu mafi ƙanƙantar lamba ta fito 1040 kusa da taga, mafi girma kuma 1062 a wata kusurwa. Ƙaramar lamba ita ce tudu, babbar ita ce kwari. A cire 1015 daga kowacce, sai a ga daɓen zai yi milimita 25 a kan tudu, 47 a cikin kwari.

Wannan 25 ɗin ita ce iyaka. Ƙa'idar Birtaniya mai lamba BS 8204 ta sa milimita 25 a matsayin mafi ƙarancin kaurin daɓen yashi da siminti da aka manna da kankare, kuma ana nufin a wurin da ya fi siranta, ba matsakaicin ɗaki ba. Ƙasa da haka kwaɓin ba shi da jikin da zai riƙe kansa, ruwansa yana ƙarewa kafin siminti ya kama, sai ya farfashe. Da a ce tudun ya ba da 1030, daɓen milimita 15 kawai zai samu a wurin. A nan ko dai a sassaƙe tudun da kurfi da guduma, ko a ɗaga tsayin ƙasan gaba ɗaya idan ƙofofi sun yarda, ko a sayi kwaɓin buhu na musamman da aka yi don siraran wurare. Abin da ba a yi shi ne a lallaɓa kwaɓi na yau da kullum ya tafi yana sirancewa har ya ƙare kamar bakin wuƙa. Daga wannan bakin yake fara ɓarewa.

Ta sama ma akwai iyaka. Daɓen da aka manna ya fi zama lafiya tsakanin milimita 25 da 40. Yayin da yake bushewa yana tsukewa, kankaren da ke ƙasa kuwa ya riga ya gama nasa tsukewar, don haka suna ja-in-ja a wurin haɗuwarsu. Daɓe mai kauri ya fi ƙarfin ja, shi ya sa idan ya wuce 40 a faɗin ɗaki yakan tsinke mannin. Kusurwa guda mai 47 ba abin damuwa ba ce. Idan dai rabin ɗakin ya kai 60 ko 70, gara a canza tsari: a shimfiɗa leda a kan kankare a yi daɓen da ba a manna ba, wanda ba ya yin ƙasa da milimita 50 ko'ina. Haka ake yi kuma idan kankaren ya sha mai, ko babu ledar hana danshi a ƙarƙashinsa. Wanda ake yi a kan soson hana zafi ko ƙara yana son 65 a gidan zama, 75 a wurin da ake yawan zirga-zirga.

Idan a kan bene ake aikin, a tuna nauyi. Kowace milimita 10 ta daɓe tana ɗora kusan kilo 21 a kan murabba'in mita guda. Kwarin da za a cike da milimita 80 a kan kankaren bene magana ce ta injiniya.

Lissafin kaya

Matsakaicin lambobin da aka rubuta a ƙasan ɗakinmu ya ba da kaurin milimita 35. Murabba'in mita 20 sau 0.035 ya zama 0.7 na kubik mita. Haɗin da aka saba shi ne siminti 1, yashi 4, kuma kubik mita guda na irin wannan daɓe, idan an danne shi da kyau, yana cin buhu 7 zuwa 7 da rabi na kilo 50. Ɗakinmu zai ci buhu 5 da ɗan ƙari. A tanadi 7, domin kunun siminti na manni zai ci wajen rabin buhu, ga abin da ke zubewa. Yashi kuma ya ɗan haura tan guda.

Buhu guda kwanon gini biyu ne, saboda haka kowane buhu yashi kwano 8 yake ɗauka, a shafe bakin kwano kowane lokaci. Awo da shebur yaudara ne, don shebur ɗin safe da na la'asar ba ɗaya ba ne. Wasu na ƙara siminti zuwa 1 da 2 da niyyar ƙarfi. Irin wannan kwaɓi ya fi tsukewa, ya fi tsagewa, ya fi saurin rabuwa da kankare. Idan aka tsinka shi zuwa 1 da 6 kuwa, sai ya riƙa zubar da gari, gam ya rasa abin kamawa.

Yashin ya zama mai kaushi, wankakke, wanda ƙwayarsa ba ta wuce milimita 4 ba. Yashin filasta mai laushi yana shan ruwa da yawa, kuma duk ruwan da ya sha tsagewa ce a gaba. Ana gwada tsabtarsa da kwalba: a zuba yashi ya kai tsayin milimita 100, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye sa'o'i uku. Laka za ta kwanta a sama. Idan kaurinta ya wuce milimita 8, a wanke yashin ko a nemi wani.

Shirya kankare, inda yawancin daɓe ke mutuwa

Saman kankare yana da wani siririn ɓawo mai haske, madarar siminti ce da ta taso lokacin zubi ta bushe. Ba ta da ƙarfi. Duk abin da aka manna a kanta zai ɗaga tare da ita. Dole a cire ta har tsakuwar kankare ta fara leƙowa, da injin gurza ko da sara kusa da kusa da guduma mai baki. Sara jefi-jefi, ɗaya a nan ɗaya can, bai wadatar ba. A kankare ɓurɓushin filasta da fenti da ya zubo daga bango, musamman a gindin bango inda suka fi taruwa, a share, a zuƙe ƙurar da inji idan akwai. Ana gane an shirya idan aka ɗiga ruwa ya shige cikin kankaren yana duhu. Idan ya tsaya ya dunƙule, akwai mai ko wani shafi da ya toshe, sai an ƙara gurzawa.

Kafin a ci gaba a bi kankaren da guduma. Tsagar da ba ta motsi ana cike ta. Amma gaɓar da aka bari da gangan don kankare ya motsa, dole ta fito ta cikin daɓe har ta cikin tayil a daidai wurin. Idan aka rufe ta, za ta buɗe wa kanta hanya, kuma ba a miƙe ba. A kewaye gindin bango da ginshiƙai da siririn soso mai kaurin milimita 5 zuwa 10 don kada daɓen ya cije da bango.

Ana gobe za a yi aiki a jiƙa kankaren sosai a bar shi ya kwana yana sha. Da safe a share duk ruwan da ya kwanta. Ana son kankare mai duhun danshi wanda ba ya ƙyalli. Busasshen kankare yana tsotse ruwan kwaɓi daga ƙasa, sai simintin da ke daidai wurin haɗuwa ya rasa ruwan da zai kama da shi. Ruwa kwance kuma yana tsinka mannin. Duka biyun sakamakonsu ɗaya.

Mannin kansa kunun siminti ne, siminti da ruwa a dama ya yi kaurin fenti mai nauyi. Ya fi kamawa idan aka sa ruwan roba da ake sayarwa da sunan SBR, bisa awon da ke jikin galan ɗin, domin ƙarfinsa ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Farin gam na katako bai dace a nan ba, danshi yana sake narkar da shi. Ana goga kunun da tsintsiya mai tauri ko buroshi, a cusa shi cikin ramukan kankare, ba a kwarara shi a bari ba. Sharaɗin da ya fi kowanne shi ne kwaɓi ya hau kansa yana ɗanye. A rana mai zafi ko iska yakan bushe cikin minti 10 zuwa 15, kuma busasshen kunu ya koma irin ɓawon nan da aka sha wahalar cirewa. Don haka a shafa daidai inda za a rufe nan take, kamar murabba'in mita 2, a rufe, a ƙara gaba. Barbaɗa busasshen siminti a kan jiƙaƙƙen kankare a ja da tsintsiya, wanda ake yawan gani, yana kamawa a wani wuri ya ƙi a wani.

Kwaɓi da shimfiɗawa

Kwaɓin daɓe ba irin na filasta ba ne. Ana fara juya yashi da siminti a bushe har launinsu ya zama ɗaya, sannan a riƙa yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan. Ba a iya faɗin lita nawa daidai, saboda yashi yana zuwa da nasa ruwan. Hannu ne ma'auni, a sa safar roba a damƙi kwaɓin a matse. Ya dunƙule ya riƙe siffar yatsu, ruwa bai ɗiga ba, ya yi. Ya wargaje da an buɗe hannu, yana son ruwa. Ruwa ya fito tsakanin yatsu, ya yi yawa. Kwaɓi mai ruwa yana da daɗin ja, shi ya sa leburori ke son sa, amma yana tsukewa da yawa, yana fito da madara a sama, kuma yana lotsawa bayan an daidaita shi. Idan da injin kwaɓi mai juyawa ake aiki, a lura da ƙwallayen da yakan dunƙula: a fasa ɗaya, idan cikinsa siminti ne zalla ko yashi zalla, haɗin bai yi ba. A kwaɓa abin da za a ƙarar cikin sa'a guda, kuma wanda ya fara kamawa ba a farfaɗo da shi da ruwa.

Daidaito yana farawa da 'yan tudun kwaɓi. A ɗora su a kan kunu, tazarar mita 1 da rabi, a danna ɓallin tayil a kan kowanne har samansa ya zama 1015 daga layi. A ɗakinmu layi uku na tudun sun isa, biyu kusa da dogayen bango, ɗaya a tsakiya, yadda renji mai mita 2, wato miƙaƙƙen alminiyom ko katako, zai hau biyu a lokaci guda. A haɗa tudun kowane layi da zirin kwaɓi mai faɗin tafin hannu, a danne, a ja shi daidai da ɓallayen, sannan a cire ɓallayen a cike gurbinsu. Waɗannan zirin su ne dogon da renji zai bi.

A fara daga can ƙuryar ɗaki ana ja da baya zuwa ƙofa. A shafa kunu, a zuba kwaɓi ya haura zirin da kamar milimita 10, sannan a danne shi da ƙarfi da madaɓi ko katako mai nauyi har ya sauka. Wannan dannawa ita ce ake yawan tsallakewa, domin kwaɓin da ba a danne ba ma yana jawuwa ya yi kyau a ido. Sai daga baya a tarar da sama ta yi tauri kamar milimita 5, ƙarƙashi kuwa yashi ne da ake tonewa da ƙusa, ƙafar gado ko ta firji ta burma shi. A kusurwar nan mai 47 a zuba sau biyu: rabi a danne a karce samansa, a ƙara sauran nan take tun na farko yana ɗanye. Gefen bango da kusurwa su ne madaɓi ba ya isa sosai, a bi su da guntun katako.

Bayan dannawa a ɗora renji a kan ziri biyu a riƙa jan sa ana kaɗawa hagu da dama kamar zarto. Inda ya bar rami a cike a danne a sake ja. Sai a bi da katakon shafe ana zagayawa. Idan tayil za a sa, a tsaya a nan, domin ɗan kaushin da katako ya bari shi gam yake so. Idan binil ne a ƙara bi da cokalin ƙarfe ya rufe ramuka, amma kada a yi ta gogawa har ruwa ya taso, kada kuma a barbaɗa siminti don ya yi sheƙi. Wannan sheƙin ɓawo ne, zai ɓare tare da gam.

A gama ɗaki a rana ɗaya. Idan dole a tsaya, a yanke bakin a tsaye da katako, a fi so a bakin ƙofa, gobe a shafa masa kunu a ci gaba. Bututun da ya ratsa cikin daɓe yana son aƙalla milimita 25 a kansa da ɗan ragar waya, in ba haka ba tsaga za ta bi shi tiryan-tiryan. A banɗaki kuma ana saukar da tudun wajen magudana da kamar milimita 15 a kowace mita, kuma mafi sirantar wurin, wato bakin magudanar, shi ne zai cika 25 ɗin.

Jiƙo daban, bushewa daban

Da zarar an gama, ko da safe idan saman bai yi taurin ɗaukar leda ba, a rufe daɓen da leda, bakin kowace ya hau na 'yar'uwarta, a danne gefuna, a rufe tagogi. Kwana 7 zai yi haka. Siminti da ruwa yake yin ƙarfi, kuma siririn daɓe cikin iska yana rasa ruwansa a yini guda. Idan sama ta riga ƙasa bushewa, gefuna suna ɗagowa kamar busasshen ganye, a nan ake fara jin ƙarar ganga a gindin bango da bakin gaɓa. Ana iya taka shi a hankali bayan kwana 2, baro da tsani kuwa sai bayan mako.

Bayan an ɗauke leda ne lissafin bushewa ke farawa. Abin da aka saba shi ne kwana ɗaya ga kowace milimita har zuwa 40, abin da ya haura haka yana cin kusan kwana biyu kowace milimita. Wannan a ɗaki mai samun iska ne da matsakaicin zafi, lokacin ruwan sama ya fi haka. Tayil da gam na siminti yana da haƙuri: mako 3 bayan daɓe ya isa, muddin kankaren kansa ya yi aƙalla mako 6 kafin a yi masa daɓe. Jiran na tsukewa ne, domin daɓen da ke tsukewa a ƙarƙashin tayil yana matse shi har ya yi tozo.

Binil ba ya yafiya, saboda ba ya barin danshi ya fita. Danshin yana taruwa a ƙarƙashi, ga shi da kaifin siminti, sai ya narkar da gam, leda ta kumbura ta yi wari. Ɗakinmu zai jira wajen mako 10 saboda kusurwar nan mai kauri, wadda da binil za ta kai milimita 56 kamar yadda za mu gani a ƙarshe, kuma kwanaki kaɗai ba hujja ba ne. Tunda daɓen manne yake, danshin kankaren ma ta cikinsa yake fita, kuma sabon kankare mai milimita 150 yana ɗaukar watanni da dama. Ana aunawa da na'urar danshi da ake rufewa a kan daɓe, kuma ba a shimfiɗa binil sai ta nuna kashi 75 cikin 100 ko ƙasa. Gwajin leda yana taimakawa: a manna leda mai santimita 45 kowane gefe da salatif, a bar ta aƙalla sa'o'i 16. Idan ta yi gumi ko wurin ya yi duhu, ba a shirya ba. Idan ba ta yi ba, hakan bai tabbatar da an shirya ba. Kankaren da ke kan ƙasa babu ledar hana danshi a ƙarƙashinsa ba zai taɓa bushewa yadda binil ke so ba, sai an shafa masa maganin toshe danshi irin na ifoksi.

Duba kafin a rufe

A ja guduma ko guntun rodi a kan daɓen ko'ina ana saurare. Inda ya kama ƙarar a cike take, inda ya rabu tana fitowa fayau kamar akwai rami. A zagaye wurin da alli, a yanke da injin yanka har kankare, a fasa, a gurza, a jiƙa, a shafa kunu a cike. A karce saman da ƙusa, layi ya kamata ta bari, ba kwari mai zubar da yashi ba. Tsaga siririya kamar gashi wadda gefunanta ba sa ƙara ba ta hana tayil.

Sai a ɗora renji mai mita 2 a wurare da yawa, a tsaye da a kwance da a karkace, a auna gibin da ke ƙarƙashinsa. Gibin milimita 5 yana wucewa ga ƙananan tayil. Manyan tayil masu santimita 60 zuwa sama suna son kada ya wuce 3, in ba haka ba bakin wani zai haura na wani. Binil ma 3 yake so, kuma yana nuna duk ƙwayar yashi da sawun cokali bayan 'yan watanni, shi ya sa ake fara shafa firaima, wato ruwan da ke sa kwaɓi ya kama, a zuba kwaɓi mai baje kansa na kamar milimita 3 kafin gam. Wannan kwaɓin yana gyara santsi da ƙananan ramuka ne, tudu kuwa gurje shi ake yi tukuna.

Wannan milimita 3 tana cikin lissafi tun ranar awo. Binil da gam da kwaɓin santsi sun ci kamar milimita 6, don haka da binil za a sa a ɗakinmu, saman daɓe 1006 zai zama daga layi, kaurinsa ya tashi daga 34 zuwa 56, wanda ya sa a sake duba ko manni ne ya dace ko shimfiɗa leda. Idan kuma falo tayil ne ɗaki binil, daɓen ɗakin zai fi na falo tsayi da milimita 9, a yanke gaɓa a daidai ƙarƙashin ƙofa, saman biyun su haɗu ba tuntuɓe.